Takardar jarrabawar da aka sa wa kalmar sirri, amma kowa ya buɗe: nazarin wani fayil na PDF

Wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Kano, mai reshe biyu, ta soke jarrabawar gwaji ta lissafi ta 'yan aji shida ana saura kwana biyu a zauna, domin tambayoyin sun riga sun shiga wayoyin ɗalibai. Ni nake duba musu kwamfutocinsu, shi ya sa aka kira ni. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarin shi ne saura ƙiris a kori mutum daga aikinsa a kan laifin da bai yi ba, alhali tushen matsalar akwati ɗaya ne da ba a sa wa alama ba a lokacin da ake kulle fayil ɗin.

Yadda abin ya faru

Jami'in jarrabawa na makarantar ya haɗa tambayoyin a Word, ya mayar da su PDF mai shafi 14, sannan ya buɗe fayil ɗin a Adobe Acrobat Pro domin ya sa masa tsaro. A allon da ya bayyana akwai akwatuna biyu. Na sama yana ɗauke da rubutun `Require a password to open the document`, na ƙasa kuma yana farawa da `Restrict editing and printing of the document`. Abin da yake tsoro a ransa shi ne kada wani ya buga takardar ko ya kwashe tambayoyin ya liƙa a wani wuri, don haka idonsa ya tafi kan na ƙasa. Ya sa masa alama, ya hana bugawa, ya hana gyara, ya hana kwafi, ya rubuta doguwar kalmar sirri, ya sake rubuta ta don tabbatarwa, ya adana. Da ya sake buɗe fayil ɗin sai ya ga `(SECURED)` a gefen sunansa. Hankalinsa ya kwanta.

Mutum biyu ya tura wa ta WhatsApp: mataimakin shugabar makaranta da ke kula da reshe na biyu, da mai shagon kwamfuta da ke buga musu takardu. Mataimakin kaɗai ya faɗa wa kalmar sirrin, da baki.

Daga nan abubuwa biyu suka faru, kuma babu wanda ya haɗa su da juna sai daga baya. Na farko, mai shagon ya buɗe fayil ɗin a Acrobat Reader ya tarar madannin bugawa ya disashe, ba ya dannuwa. Yaron shagonsa ya ce a bar masa. Ya ja fayil ɗin ya jefa a Firefox, ya buga kwafi ɗaya na gwaji, ya fita tsaf. Ba su ga abin faɗa a nan ba, suka ci gaba da aiki. Na biyu, mataimakin yana son tura wa malamai jadawalin sa ido a jarrabawa, yatsansa ya zame ya tura takardar tambayoyin a zauren malamai na WhatsApp, wanda ke da mutum fiye da talatin. Ya goge bayan 'yan mintuna. Bai ɗaga hankalinsa ba, domin a saninsa fayil ɗin yana da kalmar sirri, kuma babu wanda ya san ta a zauren.

Da tambayoyin suka ɓulla a hannun ɗalibai, lissafin Hajiya mai makarantar ya tafi kai tsaye: mutum biyu ne suka san kalmar sirri, jami'in jarrabawa ne ya ƙirƙire ta, to mataimakin ne ya sayar.

Da na zo, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, ka duba mana ko akwai yadda za a gane wanda ya shigar da fasuwod ɗin."

Na ce, "Hajiya, ke kin san kalmar sirrin?"

"Ni ban sani ba. Ban ma tambaya ba."

"To, danna fayil ɗin mu gani."

Ta danna. Shafin farko ya buɗe, tambaya ta ɗaya tana kallonta. Babu abin da wayar ta tambaye ta.

Kalmomin sirri biyu, aiki biyu

Tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 kuma ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000-1 a 2008, ya tanadi kalmomin sirri iri biyu a fayil guda. Ta farko ita ce ta buɗewa. A Acrobat sunanta `Document Open Password`, a cikin ƙa'idar da wasu manhajoji kuma `user password`. Ta biyu ita ce ta izini, ko ta mai fayil, wadda Acrobat ke kira `Permissions Password`, wasu kuma `owner password`. A bakin mutane duka biyun "fasuwod" ne, kuma a nan ruɗanin yake somawa.

Idan aka sa wa PDF kowace irin kalmar sirri daga cikin biyun, manhaja tana hautsina rubutu da hotunan da ke ciki ta hanyar lissafi, yadda ba za su karantu ba sai da wani makulli na lambobi. Makullin nan guda ɗaya ne ga fayil ɗin gaba ɗaya. Tambayar da ta raba gardama ita ce: ta yaya manhajar mai karatu take samun makullin?

Idan akwai kalmar buɗewa, ba a isa ga makullin sai ta hanyarta, ko ta hanyar kalmar mai fayil. Wanda bai san ko ɗaya ba, abin da ke hannunsa tarkacen lambobi ne. Ko wace manhaja ya ɗauko, ko da shi ya rubuta ta da kansa, ba ta da abin da za ta nuna masa, domin bayanin da ake bukata don warware rubutun ba ya cikin fayil ɗin a sarari, yana cikin kan wanda ya san kalmar.

Idan kuwa kalmar izini kaɗai aka sa, kamar yadda jami'in jarrabawa ya yi, to gurbin kalmar buɗewa yana nan, sai dai fanko ne, babu ko harafi ɗaya. Fayil ɗin an hautsina shi da gaske, amma makullinsa yana fitowa ne daga wannan fankon. Kowace manhajar karanta PDF, da zarar ta ga fayil a hautsine, abin da take fara yi shi ne ta gwada kalmar da babu komai a cikinta. Idan ta yi daidai, sai ta buɗe shiru, ba ta tambayi kowa ba. Abin da wayar Hajiya ta yi ke nan, kuma abin da wayar kowane malami a zauren ta yi ke nan. Kamar a sa wa ƙofa kwaɗo ne a bar makullin a jikinsa, sannan a manna takarda a ƙofar ana roƙon wanda ya shiga kada ya ɗauki komai.

Takardar roƙon nan tana da siffa takamaimai a cikin fayil. Lamba ce guda ɗaya da ake ajiyewa a wani gurbi mai suna `/P`, kuma kowane izini yana da nasa kaso a cikinta. Bugawa 4 ne, gyara 8, kwafin rubutu da hotuna 16, sa sharhi 32, cike fom 256, karatun manhajar makafi 512, sauya jerin shafuka 1024, bugu mai inganci 2048. Fayil ɗin da aka yarda da komai a cikinsa lambarsa -4 ce, kuma duk izinin da aka janye sai a ɗebe kasonsa.

Na kwafi fayil ɗin zuwa kwamfutata na duba shi da `qpdf`, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ake sarrafawa da rubutaccen umarni:

```
qpdf --show-encryption lissafi.pdf
```

Ga layukan farko na abin da ta nuna:

```
R = 6
P = -3392
User password =
Supplied password is user password
extract for accessibility: allowed
extract for any purpose: not allowed
print low resolution: not allowed
```

Layi na uku da na huɗu su ne shari'ar gaba ɗaya. Ban ba ta wata kalmar sirri ba, amma ta ce abin da na bayar, wato babu komai, shi ne kalmar buɗewa. Lambar -3392 kuma tana faɗin ainihin abin da jami'in ya zaɓa. Idan ka tara 4, 8, 16, 32, 256, 1024 da 2048 za ka sami 3388, ka ɗebe shi daga -4 ka sami -3392. Ya hana komai, ya bar wa makafi damar manhajarsu ta karanta musu. Shi kuma `R = 6` yana nuna an yi amfani da AES mai makullin bit 256, tsarin hautsinawa mafi ƙarfi da PDF yake da shi. Wannan ne ya fi ba ni takaici a lamarin. Mutumin ya zaɓi kulle mafi inganci, ya ƙirƙiri kalma mai tsawo da wahalar zato, bai yi sakaci da ita ba, amma duk ƙoƙarin ya tafi wajen kare abin da ba shi ne ke cikin haɗari ba.

Me ya sa Acrobat ya ƙi bugawa, Firefox ya buga

Da manhaja ta buɗe fayil, makullin yana hannunta, kuma shafukan a warware suke a gabanta. Tana iya nuna su a allo, haka kuma tana iya tura su ga firinta, domin aikin biyu daga abu ɗaya ake yin su. Babu wani lissafi da ke bambanta "nuna wa ido" da "tura wa firinta". Abin da ya rage shi ne ta duba lambar `/P` ta yanke shawara ko za ta bi. Ita kanta ƙa'idar PDF ta faɗi haka a fili: babu wani abu a cikin tsarin hautsinawar da ke tilasta bin izinin, masu rubuta manhaja ne ake sa ran za su mutunta nufin mai fayil.

Acrobat Reader yana mutuntawa, shi ya sa madannin bugawa ya disashe a shagon. Firefox kuwa, a saitinsa na asali, ba ya aiki da waɗannan izinin. Akwai wani saiti a cikinsa mai suna `pdfjs.enablePermissions` da ke zuwa a kashe. Manhajar Okular ta masu Linux tana da akwati mai suna `Obey DRM limitations` da mai kwamfuta zai iya cire wa alama. Ke nan yaron shago bai fasa komai ba, bai ma san akwai abin fasawa ba. Ya sauya manhaja ne kawai. Shi kansa Acrobat yana fitar da gargaɗi lokacin da ake sa kalmar izini, cewa manhajojin Adobe suna bin waɗannan saituna amma ba duk na wasu kamfanoni ke bi ba. Jami'in jarrabawa ya tuna cewa wani ɗan akwati ya fito, ya danna `OK` ya wuce, kamar yadda yawancinmu muke yi.

Domin Hajiya ta gani da idonta, kuma tunda fayil ɗin na makarantarta ne, na nuna mata abu ɗaya:

```
qpdf --decrypt lissafi.pdf buɗaɗɗe.pdf
```

Umarnin ya gama kafin ta gyara zama. Sabon fayil ɗin ba shi da `(SECURED)`, ana bugawa, ana kwafi, ana gyarawa. Ba a nemi kalmar izini ba, ba a kuma gano ta ba. An kewaye ta ne, domin ba a bukatarta wajen samun makullin. Shafukan intanet masu tallar "cire kulle daga PDF" nan take, irin wannan aikin suke yi. Ka ba su fayil mai kalmar buɗewa ta gaske, za su dawo su ce ka rubuto kalmar. (Kuma wanda ya ɗora takardar jarrabawa a irin wannan shafin ya riga ya miƙa ta ga mutanen da bai sani ba, wannan wata ɓarakar ce daban.)

A nan mataimakin, wanda tun da na shigo bai ce uffan ba, ya ce, "Hajiya, ni na tura shi zauren malamai bisa kuskure, na goge. Ban faɗa ba ne don na ɗauka a kulle yake."

Goge saƙo a WhatsApp ba ya isa ga wanda ya riga ya buɗe fayil ɗin ya adana shi ko ya tura wa wani. Wanene cikin malaman ya fitar da shi, fayil ɗin ba zai iya faɗa ba, domin PDF ba ya ajiye tarihin waɗanda suka buɗe shi, kuma ba ya kai rahoto ga kowa. Abin da binciken ya tabbatar shi ne zargin sayar da kalmar sirri ba shi da tushe, tunda duk wanda fayil ɗin ya shiga wayarsa ya karanta shi ba tare da ita ba. Laifin mataimakin na yin shiru yana nan, kuma an yi masa magana a kansa, amma laifi ne daban da wanda aka so a ɗora masa.

Gyaran da aka yi

An sake tambayoyi, domin na farko sun riga sun tashi daga aiki. Wannan karon muka zauna da jami'in jarrabawa muka fara da tambayar da ya kamata a fara da ita tun farko: wa ake tsoro, kuma me ake tsoron ya yi? Amsar ita ce ana tsoron wanda bai kamata ba ya karanta. Ɗalibin da ya ga tambaya ta bakwai a allon waya ba ya bukatar firinta. Biro da takarda sun ishe shi, ko ya ɗauki hoton allon da wata wayar. Saboda haka kalmar buɗewa ce maganin, kuma hana bugawa ba shi da wani amfani a nan. Illa ma yake yi, tunda mutum ɗaya tilo da hanin ya tsayar shi ne mai shagon da aka ba aikin bugawa.

Sai aka sa alama a akwatin sama, aka zaɓi `Acrobat X and later` a wajen `Compatibility` domin a sami AES mai bit 256, aka bar bugawa a buɗe. Wanda yake da `qpdf` zai iya yin haka da layi ɗaya, inda kalma ta farko ta buɗewa ce, ta biyu ta mai fayil:

```
qpdf --encrypt KALMAR_BUDEWA KALMAR_MAI_FAYIL 256 -- sabo.pdf kulle.pdf
```

Zaɓen kalmar ya ɗauke mu lokaci, kuma ya cancanci lokacin. Jami'in ya so ya sa shekarar kafa makarantar haɗe da lambobi biyu, don sauƙin faɗa a waya. Matsalar ita ce fayil ba kamar katin banki ba ne da zai toshe bayan an yi kuskure sau uku. Wanda fayil ɗin ya shiga hannunsa yana da shi har abada, kuma zai iya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi dare da rana ba mai hana ta. Lamba mai gurbi shida zato miliyan ɗaya ne kacal, kuma wannan ƙaramin aiki ne ga kwamfuta. Ranar haihuwa, lambar waya da sunan makaranta duk suna cikin abin da ake fara gwadawa. Ƙarfin AES ba ya taimakon kalma mai rauni, domin mai neman shiga ba zai tsaya kokawa da lissafin ba, kalmar zai yi ta zato. Muka tsaya a kan kalmomin Hausa biyar da ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba baitin waƙa ba, da lamba a tsakaninsu. Tana da sauƙin faɗa da baki, tana da tsawon da zato ba zai cim mata ba.

Na kuma ce ya guji haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Tsofaffin tsare-tsaren kulle PDF, daga na RC4 har AES mai bit 128, suna karɓar kalmar sirri ne a jerin haruffan Turawan Yamma wanda babu waɗannan haruffa a ciki, kuma ba sa duba abin da ya wuce harafi 32. Sabon tsari na bit 256 yana karɓarsu, amma ko a nan, wanda zai buɗe a kwamfutar shago wataƙila allon madannansa ba shi da su, ya rubuta k a maimakon ƙ, fayil ya ƙi buɗewa da ƙarfe goma na dare ana gobe jarrabawa.

Maganar tsofaffin tsare-tsare tana da wani gefen. Kulle na farko da PDF ya zo da shi RC4 ne mai makullin bit 40, wanda jimillar makullansa ba ta wuce tiriliyan ɗaya da ɗoriya ba. Kwamfutocin yau suna iya bin su ɗaya bayan ɗaya har su dace, komai tsawon kalmar sirrin. Har yanzu akwai tsofaffin manhajoji da injinan sikana da ke kulle fayil da shi. Idan `qpdf` ta nuna `R = 2`, to shi ne, kuma bai kamata a dogara da shi a kan abin da ke da muhimmanci ba.

Fayil ɗin ya tafi ta WhatsApp kamar da, amma kalmar ba ta bi shi ta nan ba. An faɗa wa mataimakin a kiran waya. Mai shagon kuwa ba a faɗa masa ba sam. Jami'in ya je da kansa, ya shigar da kalmar, ya tsaya aka buga, ya ƙirga kwafin, ya kwashe har da shafukan da suka lalace, ya rufe fayil ɗin ya goge shi daga kwamfutar. An kuma sauya sunan fayil ɗin zuwa wani abu da ba ya jan ido, domin kulle PDF ba ya ɓoye suna, kuma suna irin "Lissafi aji shida gwaji" tallar kansa yake yi.

Akwai abu biyu da na jaddada wa jami'in game da fayil mai kalmomi biyu. Kalmar mai fayil ita ma tana buɗe shi, kuma tana ɗage duk wani hani, don haka ba ita ake rabawa ba, a wajensa take zama. Acrobat ma ba ya yarda a sa kalma ɗaya a gurbin biyu. Sannan wanda aka ba kalmar buɗewa ya riga ya sami makullin, ke nan yana iya cire izinin ya fitar da kwafi marar kulle kamar yadda na yi a gaban Hajiya. Kalmar buɗewa tana tsare fayil daga bare, ba ta tsare shi daga wanda aka amince wa aka ba shi. Domin wannan ne muka fitar da kwafi daban ga kowane mai karɓa, kowanne da tambarin ruwa, wato rubutu mai dishi-dishi a bayan tambayoyin, ɗauke da sunan reshensa a tsakiyar shafi. Tambarin ba ya hana fitarwa, amma idan hoton shafi ya sake ɓulla, za a san ta wace ƙofa ya fita, kuma masu karɓa sun san da haka.

To ina amfanin izinin?

Ba na cikin masu cewa hana bugawa da kwafi shirme ne. Yana da wurinsa, matuƙar an san iyakarsa. Fom ɗin neman gurbin karatu da makarantar ke rabawa iyaye misali ne mai kyau: ana so kowa ya buɗe, ya cike, ya buga, amma ba a so wani ya goge layi bisa kuskure. A nan kalmar izini ita ce daidai, kalmar buɗewa kuwa za ta zama cikas ne kawai. Haka littafin darasi da malami ya rubuta yake rabawa: hana kwafi yana sanar da mai karatu nufin marubucin, yana kuma tsayar da mai gaggawar da zai kwashe shafi guda ya liƙa a wani wuri. Wanda ya ƙudura niyya ba zai tsaya ba. Kuma a duk lokacin da aka hana kwafi, a bar izinin manhajar makafi a buɗe kamar yadda jami'in ya yi, domin ɗalibi makaho da manhajar karatu yake jin abin da ke shafin. Sabuwar ƙa'idar PDF 2.0 ta 2017 ma ta daina amincewa da hana wannan.

Bambancin yana sake fitowa ranar da aka manta kalma. Wanda ya manta kalmar izini ta fayil ɗinsa bai yi asarar komai ba, umarnin `qpdf --decrypt` da na nuna a sama zai dawo masa da shi. Wanda ya manta doguwar kalmar buɗewa a fayil mai AES 256 kuwa, kuma ba shi da kalmar mai fayil, babu Adobe, babu mai gyaran kwamfuta da zai buɗe masa. Shi ya sa asalin takardar ta Word tana ajiye a wata filasha a cikin durowar Hajiya mai makulli, kalmar kuma a rubuce a ambulan daban.

Manhajojin da ake amfani da su ba duka suke ba da zaɓi iri ɗaya ba, kuma sanin wannan yana rage ruɗani. Word, idan ana adana takarda a matsayin PDF, yana da akwati a ƙarƙashin `Options` mai suna `Encrypt the document with a password`, kuma kalmar buɗewa ce yake sawa, ba shi da ta izini. Da jami'in ya tsaya a Word bai je Acrobat ba, da ya sami abin da yake bukata. LibreOffice yana ba da duka biyun a shafin `Security` lokacin fitar da PDF, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, don haka irin wannan kuskuren yana iya faruwa a can ma.

Makarantar ta ƙara mataki ɗaya a tsarin jarrabawarta, kuma ba ya bukatar `qpdf` ko ni. Kafin a tura kowane fayil na tambayoyi, jami'in yana tura shi zuwa wata wayar da ba ta taɓa buɗe shi ba, ya miƙa wa Hajiya ta danna. Idan wayar ta tsaya ta nemi kalma kafin ta nuna shafin farko, a tura. Idan shafin ya buɗe kai tsaye, ko da `(SECURED)` na rubuce a samansa, fayil ɗin ya koma wajen jami'in a sa alama a akwatin sama.